Yadda ake ɓoye rubutun tunatarwa a fuskar waya ba tare da an kashe ƙararta ba

Da bazarar da ta wuce, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa a Yamai, ƙanwar mahaifiyata ta zo runfar da nake gyaran waya a kusa da kasuwar Katako, ranta a ɓace. Tana zaune a Bukoki, tsohuwar malamar makaranta ce, kuma akwai maganin da likita ya ɗora ta a kansa, kullum ƙarfe 8 na dare. Ba zan faɗi sunan maganin ba, domin saboda sunan ne ta zo. Ɗiyarta ta sa mata tunatarwa a waya, ta rubuta sunan maganin ɓaro-ɓaro, har da ranar komawa ganin likita. Rannan babu wuta, Inna ta aika wayar wurin mai caji na bakin titi. Ƙarfe 8 na cika wayar ta yi ƙara a kan tebur, fuskarta ta yi haske, rubutun ya fito a gaban samarin da ke shan shayi a wurin. Da yaron da ta aika ya komo da wayar, abin da ya fara ce mata shi ne: "Inna, wai an ce lokacin shan kaza ya yi."

Ta ajiye wayar a gabana ta ce: "Ɗana, kashe mini abin nan gaba ɗaya."

Na ce: "Inna, in na kashe, wa zai tuna miki da maganin? Ki ba ni minti goma. Za ta yi ƙara kamar kullum, amma ba wanda zai karanta komai sai ke."

Abin da na yi mata shi zan bayyana a nan, daki-daki, har da wurin da aikin ya so ya ƙi. Wayarta Android ce, harshenta Faransanci kamar yawancin wayoyinmu, don haka sunayen da zan kawo su ne na kan fuskar waya.

Da farko a san cewa tunatarwa ɗaya abubuwa uku ne suka haɗu a cikinta. Akwai ƙara ko girgiza. Akwai alamar da ke tsayawa a fuskar waya tana nuna cewa wata manhaja na da magana. Sannan akwai rubutun kansa. Waya tana da maɓalli dabam ga kowanne. Wanda ya ji kunya ya yi fushi yakan tafi kai tsaye ya kashe sanarwar manhajar, sai ukun su mutu tare, bayan kwana biyu ya fara tsallake magani. Mu na ukun kaɗai muke son rufewa.

A fara da makulli

Na ɗauki wayar Inna na ja yatsa sama, ta buɗe. Ba lamba, ba zane. Nan ne tushen matsalar. Wayar da ake buɗewa da jan yatsa, a wurin Android ba kulle take ba, kuma a wayoyi da yawa zaɓin ɓoye rubutu ba ya ma fitowa sai an sa makulli na gaske. Ko da ya fito, ba shi da amfani, tunda duk wanda ya ja yatsa ya shiga ɗaka.

A shiga `Paramètres`, sai `Sécurité`, sai `Verrouillage de l'écran`. A zaɓi `Code PIN` ko `Mot de passe`. Ni na fi son lambobi 6 a kan zane, saboda zane yana barin sawun yatsa a gilashi, kuma yaran gida da kallo ɗaya suke haddace shi. Kada a sa shekarar haihuwa, kada a sa lambar sirrin asusun kuɗi na waya. A wayoyi da yawa, ana gama sa lambar sai waya ta tambayi yadda ake son sanarwa ta fito in tana kulle. Mutane na danna na farko don su wuce, na farkon kuwa shi ne nuna komai.

Akwai ƙaramin saiti a gefen wannan da ake mantawa, wanda ke faɗin tsawon lokacin da waya za ta jira bayan fuskarta ta mutu kafin ta kulle. In an bar shi a minti 5 ko 10, to duk tsawon wannan lokacin wayar a buɗe take ko da fuskar ta yi baƙi, kuma tunatarwar da ta faɗo a ciki za ta fito da rubutunta cikakke. A mai da shi `Immédiatement` ko daƙiƙa 5.

Babban maɓalli

Tun daga Android 5.0, wanda ya fito a 2014, sanarwa ke fitowa a fuskar waya tana kulle, kuma tun lokacin zaɓi uku ne. Inda aka ajiye su ne ke sauyawa. Tecno, Infinix, itel da Samsung, kowanne ya jera ɗakunansa yadda ya so, kuma ko a kamfani ɗaya wayar bana ba ta zama daidai da ta shekara uku baya ba. Don haka kada ka wahalar da kanka da yawo. Buɗe `Paramètres`, taɓa wurin bincike da ke sama, rubuta `verrouillage`. In wayar da Ingilishi take, irin waɗanda ake shigo da su ta Ƙonni, rubuta `lock screen`. A cikin abin da ya fito, nemi layin da ya haɗa sanarwa da kulle, kamar `Notifications sur l'écran de verrouillage`.

Zaɓi na farko yana nuna komai. Shi ne ya tona asirin Inna.

Zaɓi na biyu shi muke nema. Za ka gan shi da suna irin `Masquer le contenu sensible`, a Samsung kuma `Masquer le contenu`, a Ingilishi `Hide sensitive content` ko `Hide content`. A wasu wayoyin ba zaɓi ba ne a jere, maɓalli ne dabam mai suna `Notifications sensibles`, kuma shi kashe shi ake yi, domin kunnawarsa na nufin a nuna. A kula da wannan, na ga waɗanda suka juya shi baibai. In aka yi daidai, waya za ta yi ƙara, sunan manhaja da hotonta su fito, a wurin rubutu kuma a ga ɗan layin da ke cewa an ɓoye abin da ke ciki.

Zaɓi na uku yana hana kowace sanarwa fitowa a fuskar kulle. Mutane na ɗauka yana kashe ƙara, alhali ba ya kashewa. Wayar za ta yi ƙara, sai dai in ka duba ba ka ganin komai har ka buɗe. Ya fi na biyu rufa asiri, amma yana da tsada: in ƙarar ta zo kana masallaci ko kana kan kabu-kabu ba ka ji ba, babu wata alama da za ta jira ka. Ga mai shan magani kullum ban ba da shawararsa ba. Na sa wa Inna na biyu.

Gwaji, da abin da ya fito a gwajin

Ba na miƙa wa kowa waya bayan wannan aikin sai na gwada, kuma gwajin yana da ƙa'ida. Ka shiga ainihin manhajar da tunatarwar ke ciki, ka rubuta sabuwa da kalmar da ba ta da nauyi, ka sa ta zo bayan minti 2. Ka danna maɓallin gefe fuska ta mutu, ka ajiye wayar a tebur, ka koma gefe. Kada ka riƙe ta a gaban fuskarka. In wayar na buɗewa da fuska, da ta gan ka za ta buɗe ta nuna rubutun, sai ka ɗauka aikin bai yi ba alhali ya yi. Mafi kyau ka ba wani ya duba ya faɗa maka abin da ya gani.

Na rubuta "gwaji" a wayar Inna na ba yaron shagona. Minti 2 na cika wayar ta ɗauki kuka, fuskar duka ta cika, ga "gwaji" da manyan baƙaƙe a tsakiya, ƙasansa maɓallin tsayarwa. Inna ta dube ni ta ce: "To ka gani?"

Sai a nan na gane matsalar: ɗiyarta ba a manhajar tunatarwa ta sa abin ba. A agogon farkawa ta sa, wato `Horloge`, ta rubuta sunan maganin a wurin `Libellé`. Agogon farkawa ba ya bin wancan maɓalli. An gina shi ne don ya hau saman kulle ya rufe fuskar duka, kamar yadda kira mai shigowa ke yi, kuma duk abin da aka rubuta masa a matsayin suna zai nuna wa kowa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aikinsa yake. Akwai kuma manhajojin tunatarwa da ke da irin wannan faɗakarwa mai cika fuska a cikin saitinsu, don su fi jan hankali. In tunatarwarka na zuwa ta mamaye fuska da maɓallin tsayarwa ko ɗagawa, ka san daga wannan gidan ta fito.

Hanya biyu ce. Ko a bar agogon a goge sunan, ko a mai da tunatarwar cikin manhajar da ke aiko sanarwa ta yau da kullum, kamar kalanda, wato `Agenda`. Na haɗa mata duka biyun. Agogo ya zauna a ƙarfe 8 babu suna, saboda ƙararsa ba ta tsayawa sai an taɓa, kuma Inna ba ta buƙatar a faɗa mata abin da ƙarfe 8 ke nufi. Ranar ganin likita kuwa, wadda ke buƙatar bayani, na mai da ita cikin kalanda. Na sake gwaji, yaron ya ce: "Maigida, sunan kalanda kawai nake gani."

Akwai wani dalili na biyu da ke sa rubutu ya ɓullo bayan an sa zaɓi na biyu, kuma ya kamata a fahimce shi. Kalmar `sensible` ba wayar ce ke karanta rubutunka ta yanke hukunci a kai ba. Wanda ya rubuta manhajar ne ke liƙa wa kowace sanarwa alama ɗaya cikin uku: ta kowa, ta mai waya, ko wadda ba za ta fito a kulle ba sam. In bai ce komai ba, Android na ɗaukarta ta mai waya, ya ɓoye. In kuwa ya ce ta kowa ce, za ta iya fitowa da rubutunta duk da zaɓin da ka yi. Shi ya sa gwada manhaja ɗaya bai isa ba. Kowace manhajar da ke ɗauke da sirrinka, a gwada ta ita kaɗai.

Saiti na manhaja ɗaya

Tun Android 8.0 na 2017, kowace manhaja na raba sanarwarta gida-gida, kuma kowane gida na da ƙararsa da ƙa'idarsa ta fuskar kulle. Hanya mafi kusa ita ce, in tunatarwar ta zo, ka buɗe waya, ka danne sanarwar da yatsa ka riƙe, ka taɓa alamar saiti. Za ta kai ka gidan da ta fito. A nan ka nemi `Écran de verrouillage` ka zaɓi ɓoye rubutu. In ta ƙi ji, ka zaɓi kada ta fito a kulle ita kaɗai, ƙarar za ta ci gaba da zuwa. A sababbin wayoyin Samsung waɗannan gidajen a rufe suke, sai an kunna su daga `Paramètres avancés` na sashen sanarwa.

Wannan hanyar ta dace da mai sana'a da ke son ganin saƙon abokan ciniki a fuska ba sai ya buɗe ba, amma yana son rufe tunatarwar bashi ko ta adashi kawai. Sai ya bar babban maɓalli a nuna komai, ya rufe manhaja ɗaya. Sai dai ya sani cewa duk sabuwar manhajar da ya sauke za ta fara ne a buɗe.

A wannan shafin akwai abu biyu da ba a taɓawa. Kada a kashe babban maɓallin sanarwar manhajar da ke can sama, kada kuma a mai da ita `Silencieux`. Na farkon yana kashe tunatarwar ɗungurungum, na biyun yana kawo ta shiru ba ƙara ba girgiza. Abin da ya kamata a taɓa shi ne `Son`. Tunda rubutu ya ɓoye, ƙarar ce za ta ɗauki aikinsa. Ka ba tunatarwar ƙarar da babu wata manhaja da ke da irinta, ta yadda ko wayar na cikin jaka kai ka san me take cewa, na kusa da kai kuwa ƙarar waya kawai ya ji.

Kada a manta da manhajar saƙo. In wani wuri na aiko maka tuni ta SMS, ko ƙungiyar adashi na tuna maka ta WhatsApp, ba kai ka rubuta kalmomin ba, ba ka da iko a kansu. Waɗannan su suka fi buƙatar rufewa, kuma a gwada su ta hanyar sa wani ya aiko maka saƙo wayar na kulle.

In ƙarar ta daina zuwa

Ɓoye rubutu ba ya hana tunatarwa zuwa. In ta daina zuwa ko tana makara, dalilin na wani wuri, kuma yawanci tanadin batir ne. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa kowa na kunna `Économiseur de batterie`, wayoyi da yawa kuma na rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye don batir ya daɗe. Alamarsa ita ce tunatarwar ƙarfe 8 ta faɗo ƙarfe 9 saura, daidai lokacin da ka buɗe waya. Maganinsa a shiga `Paramètres`, `Applications`, a zaɓi manhajar, a shiga `Batterie`, a cire mata takura. In wayar na da jerin manhajojin da aka yarda su tashi da kansu, a sa ta a ciki. Daga Android 12 akwai izini mai suna `Alarmes et rappels` wanda manhaja ke buƙata kafin ta yi ƙara a daidai minti, daga Android 13 kuma sabuwar manhaja sai ta nemi izinin aiko sanarwa, in aka ƙi tun ranar farko ba za ta taɓa yin magana ba. A duba kuma `Ne pas déranger`, musamman ga wanda ya tsara shi ya kama da dare.

Gargaɗi ɗaya ga masu sababbin wayoyi. Android 15 ya zo da `Espace privé`, ɗaki na sirri da ake ɓoye manhajoji a ciki. Kada a kai manhajar tunatarwa can. Muddin ɗakin na kulle, manhajojin cikinsa a tsaye suke, ba sa aiko sanarwa.

Mai iPhone aikinsa gajere ne. `Réglages`, `Notifications`, `Afficher les aperçus`, sai a zaɓi `Si déverrouillé`, wato rubutu ba ya fitowa sai waya ta buɗe, ko `Jamais`, wanda ke ɓoye shi ko a buɗe take. Ana iya yi wa `Rappels` ko `Calendrier` kaɗai daga shafinsu a wannan sashen. Sunan da aka rubuta wa agogon farkawa a nan ma yana fitowa a fili.

Inda maɓalli ba ya kaiwa

Duk abin da na bayyana yana aiki ne wayar na kulle. Mu kuwa wayarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Jika na karɓa ya kalli bidiyo, maƙwabciya ta ara ta kira, a fada ana miƙa ta hannu zuwa hannu don ganin hoto. In tunatarwa ta faɗo a lokacin, a Android za ta sauko daga sama da rubutunta, tunda a wurin wayar mai ita ne ke riƙe da ita. Haka in an kunna `Smart Lock`, wanda a sababbin wayoyi ake kira `Extend Unlock`, wayar na zama a buɗe muddin tana gida ko tana haɗe da na'urar da aka amince da ita. Agogon hannu da ke haɗe da waya shi ma yana da nasa saitin, ya kan nuna abin da waya ta ɓoye. Sannan sunan manhajar kansa ba ya ɓoyuwa a zaɓi na biyu. In sunanta ko hotonta na nuna ciki, ko haila, ko wani ciwo, ai an gama magana ko ba a ga rubutu ba. Shi ya sa na fi son kalanda, wadda ba ta nuna komai game da mai ita.

Saboda haka aikin ƙarshe da muka yi da Inna ba a cikin saiti yake ba. Na buɗe ranar ganin likita na ce: "Inna, wace kalma za ki gani ki gane, wani kuwa ya gani ya wuce?" Ta yi shiru kaɗan ta ce in rubuta "ziyara, ƙarfe 9". Na sa wannan a kan take, sunan wurin da takardun da za ta riƙa kuma na sa su a cikin bayanin ƙasa, na bar gurbin wuri fayau domin wasu kalandu na haɗa shi cikin sanarwa. Muka yi gwaji na uku, wannan karon wayar a buɗe a hannun yaron shago. Tunatarwar ta sauko, ya karanta da ƙarfi: "Ziyara, ƙarfe 9." Inna ta karɓi wayarta ta ƙulle a bakin zane, ta ce in rubuta mata sabuwar lambar buɗewa a takarda za ta ajiye cikin akwati har ta haddace.